Yadda za ka gano inda kayan shago suka ɓata

A littafi kwalban mai 120 ne, a kanta kuwa 108. Kada ka yi saurin zargin yaron shago.

Fara da takardu. Haɗa rasit ɗin diloli da littafin ciniki, sau da yawa bashin da aka manta rubutawa ne. Ka ga an samu 3.

Sannan buɗe katan da ba a taɓa ba. Idan 10 ka tarar maimakon 12 kuma selotef bai motsa ba, daga dila ne. Katan biyu, 4 ke nan.

Duba kwandon fasassu: 2.

Ragowar 3 su ne abin zargin sata. Riƙa ƙirga wannan kayan safe da yamma har mako guda, za ka ga lokacin da suke raguwa.