Yadda ake zaɓar abinci ga kyanwar da ciwon ƙoda ya fara kamawa

Ƙodar kyanwa idan ta fara rauni ba ta komawa yadda take, amma abincin da ake zuba mata kullum yana iya rage saurin lalacewar. Abin da aka fi sa wa ido a cikin abincin shi ne sinadarin fosforas, wanda lafiyayyar ƙoda ke fitarwa ta fitsari, mai rauni kuma ta bar shi ya taru a jini yana ƙara ɓata abin da ya rage na ƙodar.

Abu na farko shi ne a san inda ciwon ya kai kafin a sayi komai. Yawan shan ruwa da yawan fitsari da 'yar rama alamu ne, amma ciwon sukari ma yakan zo da su, saboda haka sai likitan dabbobi ya gwada jini da fitsari. Ƙungiyar IRIS, ta likitocin ƙodar dabbobi ta duniya, ta raba ciwon zuwa matakai huɗu bisa yawan kiratinin a jini, wato wani sinadari da ƙoda ke tacewa ta fitar: ƙasa da miligiram 1.6 a kowace desilita mataki na ɗaya ne, daga 1.6 zuwa 2.8 kuma na biyu. Ana so a maimaita gwajin bayan kamar mako biyu, kyanwar tana cikin natsuwa ta kuma sha ruwa sosai, domin ƙishirwa kaɗai tana iya ɗaga adadin. A nemi likitan ya rubuta fosforas da fotasiyam da kalsiyam ma, domin da su za a auna ko abincin ya yi aiki.

Bambancin matakan biyu yana canza zaɓi. A mataki na ɗaya, idan fosforas ɗin jini bai hau ba, ba a gaggauta saka kyanwa a kan abincin ƙoda mai tsanani, domin rage fosforas fiye da kima yakan sa kalsiyam ya hau a jinin wasu kyanwoyi. Saboda haka ne kamfanoni irin su Royal Canin da Hill's da Purina suke yin wani nau'i mai sassauci na farkon ciwo, wanda aka rage wa fosforas kaɗan aka bar masa isasshen furotin. A mataki na biyu ne ake fara maganar cikakken abincin ƙoda, kuma abin da ake nema shi ne fosforas ɗin jini ya zauna tsakanin miligiram 2.7 da 4.6 a kowace desilita.

Abu na biyu shi ne karanta abin da aka rubuta a jikin abincin, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa. A ɗauka ga kyanwa mai shekara 12, nauyinta kilo 4, kiratinin ɗinta 2.0, fosforas kuma 5.2, wato ya wuce abin da ake so. Mai ita yana riƙe da gwangwani da aka rubuta fosforas kashi 0.25 cikin ɗari, da kuma buhun busasshen abincin ƙoda mai kashi 0.5. A ido, gwangwanin ne ya fi ƙaranci. Sai dai kashi 78 na abin da ke cikinsa ruwa ne, ainihin abincin kashi 22 ne kacal, don haka sai a raba 0.25 da 22 a ninka da 100, a samu kusan kashi 1.1. Busasshen kuwa, mai danshi kashi 8, idan aka raba 0.5 da 92 aka ninka da 100, kusan 0.54 ake samu. Ashe gwangwanin ya ninka buhun. Abincin ƙoda na gaske yakan faɗa tsakanin kashi 0.3 da 0.6 bayan an cire ruwa ta wannan lissafi, na yau da kullum kuma sau da yawa yakan haura kashi 1. Idan ba a rubuta fosforas a jikin kayan ba, a duba shafin kamfanin, a nemi layukan `phosphorus` da `moisture`.

Wannan lissafi bai nuna cewa busasshe ya fi ba. Idan an sami abincin ƙoda mai danshi, shi na fi so, domin kyanwa ba mai son shan ruwa ba ce, ƙodarta mai rauni kuwa tana zubar da ruwa fiye da da. Inda busasshe kaɗai ake samu, a jiƙa shi da ɗan ruwan ɗumi, a ajiye kwanon ruwa a wurare biyu ko uku nesa da kwanon abinci, a kuma kwashe abin da ta rage kafin ya yi tsami, musamman a lokacin zafi.

Akwai kuskuren da ake yi da kyakkyawar niyya, wato a ji an ce furotin yana wahalar da ƙoda, sai a janye nama a koma shinkafa da romo. Kyanwa maciyiyar nama ce, kuma idan furotin ya gaza, naman jikinta za ta fara ci, har a shafa bayanta a ji ƙashin gadon baya ya fito. Abin da ya kamata a janye shi ne busasshen kifi da ƙashinsa, da ƙashin kaza, da hanta, da madara, domin duk suna da fosforas mai yawa, sai kuma sauran miya, wadda ga gishiri ga albasa da tafarnuwa masu fasa jinin kyanwa. Dafaffen farin ƙwai furotin ne mai ƙarancin fosforas, amma ba ya zama abinci shi kaɗai. Wanda zai dafa a gida, sai likita ya tsara masa ma'auni, har da ƙarin kalsiyam da sinadarin taurin.

Abu na uku shi ne sauya abincin a hankali, cikin mako uku zuwa huɗu ko fiye. A fara da kashi ɗaya na sabo cikin huɗu, ko a ajiye shi a kwano dabam kusa da tsohon, a ƙara kaɗan bayan 'yan kwanaki, a kuma ɗan ɗumama mai danshin domin ƙamshinsa ya tashi. Kada a fara ranar da take amai ko ta dawo daga asibiti, domin takan danganta abincin da tashin zuciyar ta ƙi shi har abada. Kada kuma a ce yunwa za ta koya mata hankali: kyanwar da ta yi kwana biyu ko uku ba ta ci ba tana iya kamuwa da ciwon taruwar kitse a hanta, wanda ya fi na ƙodar saurin kisa. Kyanwa mai kilo 4 tana buƙatar kusan kalori 200 a rana, sai a duba kalorin da ke rubuce a raba shi gida uku ko huɗu.

Bayan mako huɗu zuwa takwas da kammala sauyin, a koma a sake gwajin jini, a kuma riƙa auna nauyinta duk mako biyu a kan sikeli ɗaya. Idan fosforas ɗin kyanwar nan ya sauko daga 5.2 zuwa ƙasa da 4.6 nauyinta bai ragu ba, an dace da abincin. Idan bai sauko ba, ko ta ƙi abincin ƙodar ƙememe, likita yakan ƙara maganin da ke kama fosforas a hanji, wanda dole a cakuɗa shi da abinci domin ba ya aiki a cikin da babu komai. Idan kuwa aka ga wuyanta ya sunkuya ta kasa ɗaga kai, ƙafafunta sun yi sanyi wajen tsalle, alamar ƙarancin fotasiyam ce, sai a kai ta asibiti a ranar ba tare da jiran lokacin gwaji ba.