Kurakuran lissafin zaman makoki a Makka

Duk rasuwar da aka yi a unguwarmu ta Shara Mansur sai na ga wani matashi ya afka ramin da na afka.

Nan wanka da likkafani da kabari, ko a Mu'alla ko a Shara'i, galibi ba sa cin kuɗinka. Inda kuɗi ke tafiya shi ne zaman kwana uku, musamman abincin bayan Isha'i.

Babban kuskure shi ne lissafa alkawari a matsayin kuɗi. Da kawuna ya rasu na kiyasta riyal 4,000: hayar kujeru ɗari da fitilu da darduma 900, gahawa da shayi da dabino da ruwa 700, sai faranti huɗu na shinkafa da nama a 600 kowanne, na daren farko kaɗai. Sauran darare biyun wasu dangi sun ce a bakin kabari, "Ka bar mana." Magaribar kwana na biyu ta yi, kujeru sun cika, babu ko tukunya ɗaya. Na ruga wajen mai dafawa na ci bashin faranti huɗu, washegari shida, domin daren ƙarshe ya fi cika. Ga shi ban sa mata a lissafi ba, alhali su wuni suke yi a cikin gida, abincin ranarsu ya ci 1,200. Aka tashi a 11,200, abin da aka tara 6,000. Wata takwas ina biyan 5,200, ni kaɗai.

Haba jama'a! Wanda ya ce a bar masa a lokacin da ido ke zubar da hawaye da gaske yake, amma aljihunsa bai ji ba. Ni yanzu tambaya nake yi kai tsaye: "Baffa, wane dare ne naka, faranti nawa, wajen wa za a karɓo?" In ba amsa kafin Azahar, na ɗauka babu, na rage.

Kuskure na biyu shi ne raba kuɗi daidai wa daida. Direban gida da mai shago ba ɗaya ba ne. Mai hali a ba shi dare guda, mai ƙarfin jiki ya jera kujeru ya zuba gahawa. Matar mamaci kuwa ba a tambayarta ko riyal. Da aka kashe Ja'afar ɗan Abu Ɗalib a yaƙin Mu'uta, Annabi (SAW) cewa ya yi a yi wa iyalansa abinci, bai ce su ciyar da mutane ba.

Kada ka taɓa abin da mamaci ya bari don ciyar da baƙi, balle akwai marayu. Ka yi cinikin kujeru na kwana ukun gaba ɗaya kafin a sauke su daga mota. 'Yan uwa na Kano da Damagaram, addu'a kawai nake nema wajensu, abin da za su turo in an canza shi zuwa riyal ba ya sayen faranti ɗaya. Kuɗi kuma hannun mutum ɗaya, da littafi, a karanta wa dangi a daren uku kafin a watse.