Babi na Shida: Gadar Kirifto, Inda Kuɗi Ke Taruwa

Darasi na 1: Abin da gada take yi

A babin baya kun ga cewa kowace bulokcen littafinta daban ne. Ethereum littafi ne, Solana littafi ne, kuma ɗaya bai san abin da aka rubuta a ɗaya ba. Saboda haka tokin ba ya tashi daga wannan ya koma wancan. Sunan gada kawai aka sa wa abin, amma ba abin da ke tsallakawa.

Ku ɗauki ɗan kasuwar da zai tashi daga Katsina ya bi ta Jibiya zuwa Maraɗi, ba ya son tafiya da kuɗi a jiki. Sai ya damƙa nairorinsa ga wani attajiri a nan, attajirin ya kulle su a sito, ya ba shi takarda. A Maraɗi abokin hulɗar attajirin ya amince da takardar, ana ciniki da ita kamar kuɗi. Haka yawancin gadoji ke aiki. Ana kulle tokin ɗinka na ainihi a bulokcen ta farko, a buga maka takardar shaidarsa a ta biyu. In za ka dawo, sai a ƙona takardar a buɗe maka naka.

To, in aka fasa siton Katsina da dare fa? Takardar tana nan a aljihunka a Maraɗi, ba wanda ya taɓa ta, amma ba abin da za ta karɓo maka. Wanda bai gane wannan ba ya sake karantawa a hankali, ba abin kunya ba ne.

Darasi na 2: Dalilin da ɓarayi ke bin gada

Kuɗin dubban mutane wuri ɗaya aka kulle su, adadinsu kuma a fili yake, kowa na iya dubawa. Ɓarawo ba sai ya bi walat-walat ba, ƙofa ɗaya zai nema. Ƙofofin kuwa iri biyu ne.

Ta farko makullan masu gadi. A farkon 2022 gadar Ronin tana da masu tabbatarwa 9, kuma in 5 daga cikinsu suka sa hannu sai a saki kuɗi. A watan Maris na 2022 ɓarayi suka mallaki makullai 5 ɗin, suka kwashe ETH 173,600, wato kuɗin Ethereum, da USDC miliyan 25.5, wato tokin da ke bin darajar dala, jimilla sama da dala miliyan 600 a lokacin. Huɗu daga makullan nan a hannun kamfani ɗaya suke, wato a takarda masu gadi tara ne, a zahiri ba su kai ba. Abin takaici, kwana 6 aka yi ba a lura ba, sai da wani ya zo cire kuɗinsa ya kasa. Gadar Horizon ta Harmony kuwa sa hannu 2 kacal take buƙata a lokacin, a watan Yunin shekarar aka kwashe mata kusan dala miliyan 100.

Ta biyu kuskure a rubutun manhajar. A watan Fabrairu na 2022 wani ya yaudari gadar Wormhole ta karɓi sa hannun bogi, ta buga masa takardar ETH 120,000 a Solana alhali bai ajiye ko ɗaya ba. Kamar mutum ya buga takardar attajiri ta jabu ne ya je ya karɓi ajiyar wasu. Masu Wormhole sun sami wanda ya cike musu giɓin. Ba kowace gada ke da irin wannan gatan ba.

Darasi na 3: Yadda za ka tsallaka

A ce kana da USDC 100 a Ethereum, kana so su koma wata bulokcen mai suna Arbitrum.

Fara da adireshin shafin gadar. Ɗauko shi daga shafin Arbitrum na ainihi. Kada ka danna wanda aka turo a guruf, ko tallan da ke saman sakamakon bincike, don shafin jabu kamarsa ɗaya da na gaske.

Sai ka duba netwok. A allon akwai `From` da `To`. `From` shi ne inda kuɗin yake yanzu, nan Ethereum ke nan. `To` shi ne inda za shi, nan Arbitrum. Ɗora yatsa a kan kowanne ka karanta da baki. Nan ne ɗalibai suka fi faɗuwa, domin adireshin walat ɗinka mai farawa da `0x` iri ɗaya ne a netwok da yawa, ba zai nuna maka ka yi kuskure ba.

Yanzu aika kaɗan tukuna. Rubuta 5, ba 100 ba. Walat zai nemi `Approve`, wato iznin taɓa tokin ɗinka. In ka ga `Unlimited`, goge ka sa adadin da za ka tura kaɗai, domin izni marar iyaka yana nan ko bayan ka gama, in aka fasa manhajar gadar ana iya jawo abin da ya rage na tokin nan a walat ɗinka da shi. Kafin ka danna `Confirm`, sake karanta `From` da `To`. Ka karanta ɗazu? Sake.

Jira 5 ɗin su iso. Juya walat zuwa Arbitrum ka gan su da idonka, ka kuma duba sunansu. In an rubuta `USDC.e`, takardar gada ce, ba USDC ɗin da kamfanin Circle ya fitar kai tsaye a can ba, kuma ba kowane wuri ke karɓarta ba. Sai bayan haka za ka tura 95 da suka rage, ka kuma karanta `From` da `To` karo na uku.

Za a ce gwajin na sa a biya kuɗin gas, wato ladan turawa, sau biyu. Haka ne, a biya. Wasu an gaya musu a aji, an rubuta a allo, amma da sun koma gida sai su tura duka a tashi ɗaya wai suna sauri. Saurin me? Nan ba banki ba ne da za ka je ka yi layi a dawo maka da kuɗi. Biyar tukuna, Malam. Biyar tukuna, Hajiya.

Ka tanadi ɗan ETH a Arbitrum ma, in ba haka ba kuɗin ya iso amma ba gas ɗin motsa shi.

Darasi na 4: Abin da gwaji ba ya yi

Gwajin 5 yana tsare ka daga kuskurenka ne, ba ya hana a fasa sito gobe. Don haka kada ka mai da takardar gada asusun ajiya. Gama abin da ya kai ka, ka canza ta ko ka dawo. Dawowa Ethereum ta gadar Arbitrum ta ainihi takan ɗauki kwana 7, kada ka zaci an sace.

In ka ga takardar da ya kamata ta yi dala 1 ta faɗi ƙasa sosai, ko an dakatar da cire kuɗi ba bayani, kada ka ƙara ko sisi. Wanda ya biyo ka ta saƙo yana cewa zai dawo maka da kuɗin in ka ba shi kalmomin sirrinka 12, ɓarawo ne.

Darasi na 5: Aikin gida

Rubuta a littafinka: mutum nawa ke sa hannu a gadar da kake amfani da ita? Me ka zaɓa a `From`, me ka zaɓa a `To`? Nawa za ka fara turawa? Ku zo da amsa ranar Asabar.