Yadda ake rubuta wa ma'aikaci imel idan rahotonsa ya yanke a tsakiya

Rahoto ya shigo, kana cikin karantawa sai zance ya tsaya cak a tsakiyar jimla, babu jadawalin kuɗi, babu shawarwari, babu sa hannu. Abin da sababbin manajoji suka fi yi shi ne su danna Reply da zafinsu su rubuta "rahotonka bai cika ba, sake turowa." Wannan layi ɗaya kan cinye yini guda. Ma'aikacin zai buɗe nasa kwafin ya ga komai cif, ya sake turo fayil ɗin da ya turo da farko, ku koma gidan jiya, kuma yanzu da ɓacin rai a tsakani. Imel ɗin da ke yin aiki shi ne wanda ya nuna daidai inda rubutun ya yanke, kuma ba za ka iya rubuta shi ba sai ka ba fayil ɗin minti biyar na dubawa.

Fara da tabbatar da cewa matsalar ba daga wajenka take ba

Kada ka yanke hukunci da abin da ka gani a waya. Ka sauke fayil ɗin a kwamfuta, ka buɗe shi da Word ko da manhajar karanta PDF, ka gangara har shafin ƙarshe. Idan kuma ma'aikacin ya zuba rahoton ne a cikin jikin imel ɗin maimakon ya maƙala shi, ka duba can ƙasa. Gmail yana datse saƙon da nauyinsa ya haura kusan 102 KB, ya rubuta "[Message clipped]" tare da mahaɗin "View entire message". Kana danna shi sauran rahoton zai fito. Babu abin kunya ga shugaba kamar ya yi wa yaronsa faɗa a rubuce kan aikin da yake nan cikakke.

Karanta alamar wurin da ya yanke

Nan ne ya kamata ka daɗe, domin wurin da rubutu ya tsaya yana faɗa maka dalili tun kafin ka tambayi kowa.

Idan jimlar ta yanke ne daidai ƙasan shafi, shafin ya cika taf amma babu na gaba, to kusan kullum wajen mayar da takardar PDF aka yi kuskure. A Word, idan mutum ya je Save As ya zaɓi PDF, akwai maɓallin Options, kuma a ciki akwai Page range. Idan ba a kan All yake ba, wasu shafuka kaɗai za su fita. Haka yake faruwa ga mai amfani da Microsoft Print to PDF alhali akwai lambobin shafi a akwatin Pages. Ka duba ƙasan shafin. Idan ka ga "Page 6 of 11" a shafin ƙarshe, ka samu hujja cewa rahoton ya kai shafi 11 a wajen ma'aikacin, shafuka biyar ne suka maƙale a kwamfutarsa. Gyaran nan na minti biyu ne, kuma imel ɗinka ya zama mai sauƙi daidai da haka.

Idan kuwa rubutun ya tsaya a tsakiyar shafi, ƙasa fari fat, to wannan tsohon kwafi ne ko aikin da ba a gama ba. Ka koma jerin abubuwan da ke ciki a shafin farko, ka gwada shi da abin da ke hannunka. Ka dubi sunan fayil ɗin ma. Mutumin da ke da fayil huɗu masu suna kusan iri ɗaya a Desktop, yana gaggawar turawa kafin batir ya mutu bayan an ɗauke wuta, sauƙin abu ne ya ɗauki na shekaranjiya. Wani lokaci kuma ya maƙala fayil ɗin bai danna Save ba, sai abin da aka adana a baya ya tafi. Daga wajenka ba za ka iya bambance wanda ya yi kuskuren fayil da wanda bai gama ba, don haka kada imel ɗinka ya yi kamar ka sani.

Mutane suna saurin cewa netwok ne ya yanke shi. Da wuya hakan ya zama gaskiya. Fayil ɗin Word ko PDF da ya gutsure a hanya yawanci ba ya buɗewa sam, ko ya nuna saƙon cewa ya lalace. Wanda ya buɗe lafiya lau sannan ya tsaya a tsakiyar jimla, a haka aka turo shi. Ka riƙe wannan a ranka don ka san abin da za ka nema. Ba don ka ƙure mutum da shi ba ne.

Kafin ka rufe fayil ɗin, rubuta abu uku a gefe: lambar shafin ƙarshe, kalmomin ƙarshe na jimlar da ta yanke kamar yadda suke, da sassan da babu su.

Rubuta imel ɗin

Ka amsa a kan imel ɗinsa na asali, kada ka buɗe sabo, don saƙon da ya zo da fayil ɗin ya kasance a ƙasa. Amma ka gyara kan saƙon, ka ƙara abin da ake so da lokacinsa, saboda mai duba waya a cikin Keke Napep kan saƙon kaɗai zai gani. A ɗauka rahoton cinikin wata uku ne na wani reshe, kuma za ka kai shi zaman shugabanni ranar Alhamis. Ga yadda zai kasance:

Kan saƙo: Rahoton Afrilu zuwa Yuni ya tsaya a shafi na 6, ana buƙatar cikakken kafin Laraba ƙarfe 12

Assalamu alaikum Malam, barka da aiki.

Na samu rahoton da ka turo jiya da yamma, na gode. Kwafin da ya iso mini ya tsaya a shafi na 6, a sashe na 4, a jimlar da ta ƙare da "dalilin raguwar ciniki a watan Mayu shi ne". Jerin abubuwan da ke ciki ya nuna akwai sashe na 5 na basussuka, da na 6 na shawarwari, da jadawalin kuɗi, kuma ban gan su ba. Na buɗe shi a kwamfuta da waya, duk a nan ya tsaya.

Don Allah ka buɗe fayil ɗin daga Sent ɗinka, ba daga kwamfutarka ba, ka gwada shi da kwafin da ka gama. Idan cikakken yana hannunka, turo mini shi yau. Idan akwai sauran aiki a kai, sanar da ni kafin a tashi abin da ya rage, da ko kana jiran alƙaluma daga wani ne. Ina buƙatarsa kafin Laraba ƙarfe 12 na rana, domin zan karanta shi kafin zaman Alhamis.

Sashe na 2 da na karanta ya fito da kyau, kada ka taɓa shi.

Na gode. A huta lafiya.

Jimlar da ta ce ya buɗe daga Sent ita ce ke hana a sake turo fayil ɗin jiya, domin a can ne zai ga abin da kai ka gani. Kawo kalmomin ƙarshe kamar yadda suke yana ba shi damar danna Ctrl+F ya faɗa wurin kai tsaye, kuma ya fi lambar shafi tabbas, tunda shafukan Word kan sauya daga wata kwamfuta zuwa wata. "Kwafin da ya iso mini" ya fi "rahotonka" dacewa, saboda shi ne iyakar abin da ka tabbatar.

Ka lura kuma an buɗe masa ƙofa biyu. Idan ka tambayi "cikakken" kawai, wanda bai gama ba zai ji nauyin faɗa, ya ce netwok ne, ya kwana yana cika shafuka da gaggawa, ya kawo maka alƙaluman da ba a tantance ba. Sanin cewa yana jiran lissafin basussuka daga akanta ya fi maka amfani, domin kai ne ke da bakin da za ka sa akanta ya fitar.

Lokaci kuwa, rana da ƙarfe za ka sa. "Da gaggawa" da "nan ba da jimawa ba" ba lokaci ba ne. Kuma ka bar wa kanka tazara: idan Alhamis za ka yi amfani da shi, Laraba da rana za ka nema. Idan ofishinku da Turanci ko Faransanci ake rubutu, tsarin bai canja ba. Idan ma'aikacin ya girme ka, ka ce "ku", ka ƙara gaisuwa, amma lambar shafi da ranar su tsaya yadda suke.

Kada ka sa kowa a Cc a wannan karo. Idan ya turo wa mutane da yawa ne tun farko, ka amsa masa shi kaɗai, Reply All a nan tonon silili ne. In akwai fargabar wani ya yi aiki da guntun rahoton, ka bar shi ya sanar da su da kansa lokacin da zai turo cikakken. Maganar sakaci ko yawan maimaita kuskure ba ta wannan imel ɗin ba ce, ta zama ido da ido ce bayan aiki ya fita.

Bayan ka tura

Mutane da dama ba sa buɗe imel sai da safe, don haka ka bi shi da layi ɗaya a WhatsApp cewa ka tura saƙo kan rahoton, a duba. Bayanin ya zauna a imel. Idan ya ce ƙarshen ya ɓace a wajensa ma, ya duba Version History in fayil ɗin yana OneDrive ko Google Docs, ko ya gwada Recover Unsaved Documents a Word kafin ya fara sake rubutawa. Idan hotuna ne suka sa fayil ɗin ya yi nauyi, Gmail ba ya maƙala abin da ya wuce 25 MB, sai ya mayar da shi mahaɗin Drive, to ya tabbatar ya ba ka izinin buɗewa.

Cikakken na isowa, ka fara daga shafin ƙarshe, ka gwada sassan da jerin da ke shafin farko, ka amsa masa cewa shafi 11 sun iso. Sannan ka goge guntun daga Downloads don kada shi za ka ɗauka ranar Alhamis.