Darasi na Bakwai: Ranar Biya da Ranar Shiri

Galibi idan aka koro yaro daga makaranta saboda kuɗin zango, iyayensa sun san akwai biya a kansu. Ranar ce ta zo musu ba shiri. A wannan darasi za mu koyi yadda kalandar bango za ta riƙa tuna mana tun da sauran lokaci. Kayan aikin su ne kalanda mai manyan gidaje, jan biro, da fensir.

Ku fara duba kalandar da kyau. Yawancin kalandun da muke ratayewa suna da lamba biyu a kowane gida: babba ta watan Bature, ƙarama ta watan Musulunci. Makaranta da banki da masu wuta duk da watan Bature suke lissafi. Idan takardar bashi ta ce 10 ga wata, ku kuma kuna ƙirga goma ga watan sama, za ku iya makara ba ku sani ba, domin watannin biyu ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa. Shekarar Musulunci ma ta gaza ta Bature da kusan kwana 11. Saboda haka duk wanda kuka yi alkawarin biya da shi, ko da mai gidan haya ne ko uwar adashi, ku tambaye shi: “Da wane wata za mu ƙirga?”

A takarda kuma, rana ake fara rubutawa, sai wata, sai shekara. Idan kun ga 14/09/2026, ana nufin 14 ga Satumba, 2026.

Mu ɗauki misalin wata mai tuyar ƙosai. An ba ta takarda cewa kuɗin makarantar ɗiyarta naira 18,000 ne, za a biya ranar Litinin, 14 ga Satumba, 2026. Sai ta buɗe shafin Satumba, ta zagaye 14 da jan biro, ta rubuta 18,000 a ciki. Wannan ita ce ranar biya. Wanda hannunsa bai faɗa da rubutu ba tukuna, ya zana ɗan littafi a gidan. Kwan fitila ya tsaya wa kuɗin wuta, ɗaki ya tsaya wa haya.

Jan zagaye shi kaɗai ba ya tara kuɗi, a nan ne mutane da yawa ke tsayawa. Ita ta san abin da za ta iya cirewa daga riba a mako domin kuɗin makaranta bai wuce naira 3,000 ba. Dubu uku sau shida ne ke ba da dubu goma sha takwas, ke nan tana bukatar mako shida. Sai ta ɗora yatsa a kan 14, ta ƙirga Litinin shida baya: 7 ga Satumba, sai 31, 24, 17, 10 da 3 ga Agusta. Ta sa ɗigo da fensir a kowacce. Ranar 3 ga Agusta ita ce ranar shiri, ranar da za ta jefa dubu ukun farko a asusu. Idan ba ta tsallake ba, kuɗin sun cika ranar 7 ga Satumba, da ragowar mako guda ko da ciwo ko rashin ciniki zai gitta.

Tana kuma biyan bashin jari, naira 5,000 duk ranar 30 ga wata. Da ta zo zagaye 30 ga Agusta, sai ta ga Lahadi ce, banki a rufe. Ta mayar da zagayen baya zuwa Juma'a, 28. Ni a ganina, kullum baya ya kamata a matsar da rana irin wannan, domin wasu masu ba da bashi suna ɗora tara a kan makarar kwana ɗaya tak. Nan kuma kalandar ta nuna mata wani abin da ba ta lura da shi ba: a makon 24 ga Agusta za ta fitar da dubu uku na makaranta da dubu biyar na bashi. Makon ya yi nauyi. Tun farkon wata ta fara ware kuɗin bashin kaɗan-kaɗan a wani ƙulli daban.

Mai biya ranar 30 ya tuna Fabrairu ba ta kaiwa 30, kwana 28 ce, ko 29 a shekara irin 2028. Ya tambayi ranar biyansa tun Janairu.

Ku zaɓi rana ɗaya a mako, misali Juma'a da yamma, ku tsaya gaban kalandar ku duba mako biyu masu zuwa. In wata ya kusa ƙarewa, ku ɗaga shafin ku leƙa na gaba, don biyan da ya faɗo 1 ko 2 ga wata a bayan shafi yake ɓuya. Kada ku soke jan zagaye sai rasit ya shigo hannu, ko saƙon banki ya shigo waya. Rasit ɗin a adana shi cikin ambulan a bayan kalandar.

Aikin gida: ku zo da takardar biya guda ɗaya daga gidanku. Za mu nemo ranar biyanta a kalanda, kowa ya faɗi abin da zai iya ajiyewa a mako, mu ƙirga baya tare har mu kai ranar shirinsa.