Darasi na Tara: Zaman Da'ira, Wasu na Kallon Ciki Wasu na Kallon Waje

A wani ajinmu na yamma a Tudun Wadar Zariya, na zaunar da mutum shida a da'ira kan tabarma, na ce biyu su juya baya su kalli titi. Da na tambayi wa ke hannun daman wa, sai gardama ta kaure. Irin wannan tambaya tana fitowa a jarrabawar neman aiki, kuma abin da ke kayar da mutane ɗaya ne: suna auna dama da hagu da nasu hannun, alhali na wanda ke zaune ake nufi.

Mai kallon ciki, hagunsa na bin yadda hannun agogo ke tafiya, damansa kuwa akasin haka. Da zarar ya juya ya kalli waje, sai abin ya sauya, dama ce ke bin agogo. Kada ku tsaya a hadda. Tashi ku juya da jikinku, ku gani.

Yanzu zana da'ira a ƙasa, ka sa lamba 1 zuwa 6 kana bin hannun agogo, 1 tana gabanka. Ga tambayar da za mu warware: mu gano wurin zaman mutum shida, Audu, Bala, Garba, Sani, Musa da Tanko. Audu yana 1, yana kallon ciki.

An ce Bala yana dab da Audu ta damansa, Audu ma yana daman Bala. Daman Audu akasin agogo ce, don haka Bala yana 6. To ina Bala ya fuskanta? Da a ce gefe ɗaya suke kallo, Audu zai faɗo a hagun Bala. Tunda kowa yana daman ɗan'uwansa, lalle Bala waje yake kallo. Wannan alama ina sonta ƙwarai, domin tana tona fuskar mutum ko ba a faɗa ba. Yi wa Bala kibiya mai nuna waje nan take.

Sai aka ce Garba ne na biyu daga hagun Bala. A nan ake zamewa. Hagun Bala akasin agogo ce: 5, sannan 4. Garba yana 4, daidai tsallaken Audu. Wani dattijo a ajin ya manta da kibiyar, ya kai Garba 2. Na ce, "Baba, juya baya ka zama Bala." Yana juyawa ya ɗaga hannun hagu, ya ce, "Ashe can ne, Malam!"

Garba waje yake kallo, Sani yana dab da damansa, wato 5. Saura 2 da 3. An ce Musa ba ya kusa da Audu, sai ya ɗauki 3, Tanko ya zauna a 2.

Aikin gida: samo murafen kwalba shida, yi wa kowane kibiya, ka jera su haka. In Tanko na kallon ciki, wa ke hagunsa? In ya juya waje fa?