Naira ɗayan da ke ɓacewa a ƙasan rasit

Na gaji da ganin yaran shago suna zargin kwamfuta da sata, ko su zargi junansu, don jimillar rasit ta bambanta da abin da kalkuleta ta ba su. Ba kowa ya ci kuɗin ba. Kwabban da aka zubar ne a kowane layi suka taru.

Ƙa'idar cike lamba kowa ya santa: daga kwabo 50 zuwa sama a cike naira, ƙasa da haka a zubar. Matsalar ita ce lokacin da aka yi cikon. Tun watan Fabrairu na 2020 harajin VAT a Najeriya ya koma kashi 7.5 cikin ɗari, kuma wannan harajin ne ke haifar da ɓurɓushin kwabo a yawancin kaya. A ce mutum ya sayi abu uku, na ₦125 da na ₦230 da na ₦310. Da haraji sun zama 134.375 da 247.25 da 333.25. In ka cike kowanne shi kaɗai, za ka samu 134 da 247 da 333, jimilla 714. In kuwa ka tara su yadda suke, 714.875 za ka samu, wanda ya cike zuwa 715. Duka lissafin biyu ba kuskure a ciki. A na farko dai ka zubar da kwabo sau uku, sai ga shi sun kusa kai naira guda.

Kuskuren da ya fi ƙona min rai shi ne ɓoye kwabo a Excel, mutum ya ɗauka ya cike. Danna maɓallin rage lambobin bayan ɗigo ba ya taɓa kuɗin, fuska kawai yake canzawa. Ido na ganin 134, amma SUM na tara 134.375. Haka na yi shekarun baya a shagon da nake riƙe wa lissafi. Wani dattijo da ya daɗe yana sari a wurinmu ya karɓi rasit mai layi kusan 30, ya zauna a benci ya bi shi ɗaya bayan ɗaya da kalkuletar wayarsa, ya ga ƙasa ta ɗara da naira 6. A gaban mutane ya ce min, "Ɗana, in a shida kuke haka, me kuke yi a dubu shida?" Na rasa amsa, don a lokacin ni ma ban san dalili ba. Bai sake dawowa ba. Saboda haka in na ga yaro ya ɓoye kwabo don takarda ta yi kyau, ba na yi masa da sauƙi. Duk lambar da aka buga a rasit dole ta zama ita ce lambar da aka tara.

Kuskure na biyu shi ne cike farashin guda ɗaya kafin a ninka. Sabulun ₦230 da haraji 247.25 ne, sai a rubuta 247. Mai sari ya ɗauki guda 2,000, an caje shi ₦494,000. Lissafin gaskiya kuwa ₦460,000 ne da harajin ₦34,500, wato ₦494,500. Ɗari biyar ta tafi, kuma hukuma harajinta za ta karɓa cif, daga ribarka za a cike. Ninka tukuna, sannan ka cike.

Kada a cike sau biyu: 134.45 naira 134 ce, amma in ka fara mai da ita 134.5 sai ta haye 135. Kada kuma a cike wasu layuka a bar wasu.

Ni dai ga yadda nake yi, ko da yake wasu akantoci sun fi son fitar da haraji sau ɗaya a kan jimilla. Kowane layi ina tsayar da shi a kwabo, kuma ina barin kwabon a bayyane:

```
=ROUND(B2*C2*1.075,2)
```

B2 shi ne yawan kayan, C2 kuma farashin guda ɗaya. Sai in tara layukan. A misalinmu 134.38 da 247.25 da 333.25 sun ba da 714.88. Tunda ba mai ba da canjin kwabo yanzu, ina buɗe layi daban in rubuta "Ciko 0.12", a ƙarƙashinsa 715. Kowa ya bi da kalkuleta zai iso nan.

Kafin a ɗora wa ciko laifi, a auna giɓin. In ba a ninka farashin da aka riga aka cike ba, layi ɗaya ba ya kaucewa fiye da kwabo 50, don haka rasit mai layi 20 giɓinsa ba zai wuce wajen naira 10 ba, galibi ma ɗaya ko biyu ne, saboda wasu layukan sama suke yi wasu ƙasa. In ka ga naira 200 a irin wannan rasit, ajiye maganar ciko ka nemo layin da aka shigar sau biyu ko kayan da aka manta ba a sa wa haraji ba.